Masu gyara, ku daina ƙona batirin jama'a da mai ƙafa uku

Ƴan uwa masu bibiyar wannan shafi, na cikin garin Matameye da na Kance da ƙauyukan da ke kewaye, da ƴan uwanmu da ke bin mu daga ƙasashen waje. Yau maganar tawa da masu gyaran rediyo da salula take, da matasan da ke koyon haɗa na'urori, amma duk wanda ke da batir a ɗakinsa ya tsaya ya karanta, don kuɗinsa ne ake ƙonawa.

Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da ɗan kunnen ƙarfe a bayansa, an rubuta 7805 a jikinsa. Duk mai gyara ya san shi. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta mai ƙarfi ya sauko da ita zuwa bolt 5. In ka kai wa mai gyara allon na'ura da ke son bolt 5, kamar allon kiɗa mai cin kati, ko ƙaramin akwatin intanet, ko allon Arduino na ɗalibai, ka ce kana so ya yi aiki da batir mai bolt 12, kafin ka rufe baki ya ɗauko wannan mai ƙafa ukun ya liƙa maka. Za a gwada a gabanka, fitila ta kama, ka biya ka tafi kana murna. Ni kuwa ina cewa, in allon nan yana jan wuta mai ɗan kauri, wannan aikin cuta ce, ko da mai gyaran bai yi da niyyar cuta ba. Abin da ya kamata a sa shi ne ɗan allon nan mai bobin da ake kira bak, wanda aka fi sani da lambar LM2596. Ba ra'ayi nake sayar muku ba, lissafi ne, kuma duk mai mita zai iya gwadawa a kan teburinsa.

Me ya sa maganar ta dame mu a nan fiye da wani wuri? Don mu batir ba kayan ado ba ne. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke amfani da ita. Ba a dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa kuwa dama can waya ba ta kai gare su ba, pano da batir su ne wutarsu. Mutumin da ke jone da babbar waya in ya yi asarar ƴan wat ba zai ma sani ba. Mai batir kuwa kowane ɗigo a ƙirge yake, abin da rana ta zuba da yini shi zai ci da dare.

Bari mu fara da yadda mai ƙafa uku ke aiki. Ɗauki ɗan kabu-kabu da ya murɗe totur har ƙarshe, sannan ya danne birki don kada babur ya wuce gudun da fasinja ke so. Gudun ya daidaita, gaskiya ne. Amma mai yana ta ƙonewa, birki yana ta zafi. To haka 7805 yake. Batir ya ba shi bolt 12 da ɗoriya, allo na son 5, sai ya tare sauran bolt 7 da ɗoriyar a jikinsa ya mai da su zafi. Ba lalacewa ya yi ba, ba kuma jabu ba ne, haka aka ƙera shi. Duk amper ɗin da allo ya ja, daidai shi ne ke fita daga batir, har da ɗan ƙari na cin kansa.

Ga lissafin, kuma mai sauƙi ne. Mu ce allonka yana son bolt 5, yana jan rabin amper. Abin da yake ci ke nan wat 2.5. Batir cikakke da yake hutawa yana nuna wajen bolt 12.6 a mita.

```
(12.6 - 5) x 0.5 = 3.8
5 x 0.5 = 2.5
```

Layin farko shi ne wat ɗin da ya zama zafi, na biyu shi ne wanda ya isa ga allo. Wato batir ya fitar da wat 6.3, allo ya samu 2.5, sauran 3.8 sun bi iska. A cikin kowane kashi goma na wutar da pano ya wahala ya tara, huɗu ne suka yi maka aiki, shida an dafa iska da su. Da a ce mai awo ne ya auna maka tiya goma ta hatsi ya zubar da shida a ƙasa a gabanka, da kasuwa ta taru a kanku. Amma da yake wuta ba a ganinta, sai mu yi shiru.

Kuma wannan lissafin dare ne. Da rana, lokacin da pano ke cajin batir, mita kan hau har wajen bolt 14.4. A nan abin da mai ƙafa uku zai tare ya zama bolt 9.4, zafin ya koma wat 4.7. Ku lura da kyau: lokacin da garin ya fi zafi, shi ne lokacin da aka fi ɗora masa kaya.

Wani zai ce, to mene ne wat huɗu? Ai ƙwan fitila ma ya fi haka. Matsalar ita ce jikin da ke ɗauke da zafin bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Takardun kamfanonin da ke ƙera shi sun nuna cewa in ba a ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da wajen digiri 50, wasu ma sun rubuta 65. Iyakar da aka yarda ya yi aiki a kai kuwa digiri 125 ce. Mu ɗauki ƙaramar lambar don kada a ce na yi masa sharri. A watan Afrilu da Mayu garinmu yana haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin roba a ɗaki mai rufin kwano kuwa ka ce 45 ba ka yi ƙarya ba. Daga 45 zuwa 125 saura digiri 80. Raba 80 da 50, ka samu wat 1.6. Wannan shi ne iya abin da zai iya ɗauka tsirara. In batir yana kan 14.4, wat 1.6 ɗin nan bai wuce miliamper 170 ba. Mu kuma mun ɗora masa 500, kusan ninki uku.

Shi ya sa rubutun amper ɗaya ko ɗaya da rabi da ake faɗa a kansa yake yaudarar mutane. Zai iya ba da hakan, amma sai in tazarar da ke tsakanin shiga da fita kaɗan ce, kuma an ɗaura masa ƙarfe babba. Tun farkon shekarun 1970 aka fito da wannan iyali na 78, kuma inda ya fi dacewa shi ne bayan taransifoma da ke ba shi bolt 8 ko 9 daga wutar gida. Mu ne muka ɗauko shi muka jingina da batirin sola a tsakiyar bazara.

Ga yadda za ka gane abin ya same ka. Ka kunna na'ura tana aiki lafiya, bayan ƴan mintoci ta ɗauke, ta ɗan huta ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ko kiɗa ya riƙa yankewa yana komawa farko. Ko ta yi lafiya da asuba, da azahar ta fara hauka. Dalili shi ne akwai mai gadi a cikin 7805 da ke rage wuta ko ya yanke ta in zafi ya kai wajen digiri 150, in ya huce ya sake buɗewa. Sai mai na'ura ya koma wurin gyara, a ce masa allon ne ɗan jabu, a sayar masa da wani. Ko a ce batir ne ya mutu. Tsugune ba ta ƙare ba, an sai da kare an sayi biri. Da an kai yatsa kusa da ɗan kunnen ƙarfen nan da an gane mai laifi, amma a yi hattara, yana iya tayar da ƙuna a fata.

Yanzu mu zo ga bak. Shi ba birki yake takawa ba, giya yake canzawa. A cikinsa akwai makunni da ke buɗewa yana rufewa sau dubu 150 a cikin daƙiƙa ɗaya, in LM2596 na gaskiya ne. Don ya sauko da 12 zuwa 5, sai ya bar ƙofa a buɗe ƙasa da rabin lokaci, sauran lokacin a rufe. Lokacin da ƙofa ke buɗe, bobin ɗin nan mai kama da ɗan tulu yana ajiye ƙarfi, in ta rufe sai ya ci gaba da turawa, kwandansa kuma ya lallashe abin ya fita sumul. Kamar mai zuba ruwa a randa guga-guga, amma famfon da ke gindin randar yana zuba ba yankewa. Lokacin da ƙofa ke rufe batir ba ya ba da komai, shi ya sa babu rarar da za a ƙona.

Ba na cewa bak ba ya cin komai. Yana ci. A kan saukowa daga 12 zuwa 5, LM2596 yana isar da wajen kashi 80 cikin ɗari, wasu sababbin ƙanana kamar MP1584 sukan fi haka. Mu tsaya a kan 80. Allonmu na son wat 2.5, to batir zai fitar da wat 3.1. Raba da 12.6, ka samu rubu'in amper. Ku sake dubawa: allo yana samun rabin amper ɗinsa cif, amma abin da ke fita daga batir rubu'i ne kawai. Zafin da ya rage a jikin bak bai fi wat 0.6 ba, ɗumi kawai za ka ji. Kuma in rana ta ɗaga batir zuwa 14.4, bak sai ya ƙara rage abin da yake ja, a daidai lokacin da mai ƙafa uku ke neman suma.

Mu mai da wannan zuwa awoyi, tunda su ne mai gida ya sani. Ɗauki ƙaramin batirin nan mai lamba 7Ah da ake sa wa fitilu da ƙananan na'urori. Batirin dalma in kana so ya daɗe ba ka wuce shan rabinsa, wato 3.5. Da mai ƙafa uku, a kan rabin amper, awa bakwai ke nan. Da bak, a kan rubu'i, awa goma sha huɗu. In ka kunna da ƙarfe bakwai na yamma, na farko ya kai iyaka ƙarfe biyu na dare, na biyu kuwa har tara na safe, lokacin rana ta riga ta fito pano ya karɓi aiki. Batir ɗaya, allo ɗaya, bambancin ɗan abin da aka liƙa a tsakani ne.

Kuma ai ba wanda ke tashi ƙarfe biyu na dare ya kashe na'ura. Za ta ci gaba da tsotsa har batir ya kwanta ƙasa warwas. Batirin dalma kuwa ba abin da ke kashe shi da wuri irin a riƙa tatse shi ƙarƙaf kowane dare, musamman cikin zafi irin namu. Sai ka ga batirin da ya kamata ya yi shekaru ya fara gajiya tun bai je ko'ina ba, mai shi yana zagin wanda ya sayar masa. In kuwa na'urar mai kwana a kunne ce dare da rana, irin akwatin intanet, bambancin da ke tsakanin su biyun ya kai wat-awa 75 a kowace rana. Kusan abin da ƙaramin pano mai wat 20 zai tara maka ke nan a yini guda. Wato ka sayi pano sukutum don kawai ka ciyar da zafin mai ƙafa uku.

Na san abin da masu gyara za su ce, don na sha ji.

Na farko za su ce araha. Mai ƙafa uku kuɗinsa kaɗan ne, sau da yawa ma cirowa ake yi daga tsohon allo kyauta. Gaskiya ne, bak ya fi shi tsada. To amma ka ɗora kuɗin bak a gefe guda, ka ɗora kuɗin sabon batir a ɗaya gefen, ka ga wanne ya fi nauyi. Araha ba ta ado. Ribar da aka ci a teburin gyara, mai na'ura ne ke biyanta a wurin mai batir. In kuɗin ne matsala, ka gaya wa mutum gaskiya: ga mai araha da zai raba maka dare biyu, ga mai ɗan tsada da zai kai ka safe. Bar shi ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Na biyu za su ce ai sai a ɗaura masa alminiyo, zafi ya tafi. Ƙarfen sanyaya yana hana shi suma, wannan haka yake. Amma ba ya mayar da ko ɗigo ɗaya cikin batir. Wat 3.8 ɗin nan suna nan suna fita, an dai shimfiɗa su a fili mai faɗi. Ka yi wa birki fifita, amma man babur yana nan yana ƙonewa. Wasu kuma sukan jera 7809 a gaba, 7805 a baya, su ce sun raba kaya. An raba zafin gida biyu, jimillar ba ta ragu ba.

Na uku za su ce ba a samunsa a nan, sai an aika Kasuwar Dole a Damagaram ko Sabon Gari a Kano. To ku duba cajar mota, wadda ake cusawa a ramin sigari, da ke rataye a teburin masu sayar da kayan salula. Ku fasa guda ɗaya ku gani. In ta kirki ce za ku tarar da bobin a ciki, da ɗan ƙwaro mai ƙafafu, a tsofaffin sau da yawa lambarsa MC34063. Bak ne wannan, an riga an saita shi a kan bolt 5, an kuma ƙera shi musamman don batir mai bolt 12. Ga allon da ke jan rabin amper, cajar mota mai kyau ta isa. Kullum muna wuce abin a bakin hanya muna cewa babu.

Na huɗu shi ne wanda ke da hujja ta gaske, kuma ba zan taka ta ba. Bak yana da ƙara. Wannan buɗewa da rufewa da yake yi tana yaɗuwa a waya da iska, rediyon da ke kama matsakaicin zango ko gajeren zango yana iya jin ta a matsayin tsuwa ko shuu, haka ma amfilifaya mai makirufo irin ta masallaci ko ta masu shela. Mai ƙafa uku shiru yake kamar ruwan randa. Amma maganin ba shi ne a koma gidan jiya ba. A gajarta wayoyi, a murɗe ja da baƙa tare, a nisanta bak daga eriya da wayar makirufo. In ƙarar ta ƙi tafiya, sai a haɗa su biyun: a saita bak a kan bolt 7.5, a sa 7805 a bayansa. Shi dama bolt 7 yake buƙata ya yi aiki daidai. Yanzu bolt 2.5 kawai zai tare maimakon 7.6, zafin ya sauko zuwa wat ɗaya da rubu'i, ɗan ƙaramin ƙarfe ya ishe shi. Batir zai ba da wajen amper 0.37 maimakon 0.5. Bak ya ɗauki nauyi, mai ƙafa uku ya yi tata. Nan ne gurbinsa.

Akwai kuma wurin da zan ce a bar 7805 shi kaɗai. In allon ɗan mitsitsi ne, yana jan miliamper 20 ko 30, zafin bai kai sulusin wat ba ko da rana tsaka, kuma abin da bak zai tsimin maka bai taka kara ya karya ba, tunda shi ma LM2596 yana cin wajen miliamper 5 ko ba a ɗora masa komai ba. Ni ga ma'aunina: ƙasa da miliamper 50 a kan batir mai bolt 12, mai ƙafa uku ba laifi. Daga 100 zuwa sama, a ɗauko bak. Tsakaninsu a duba ko na'urar mai kwana a kunne ce. Amma kafin ka ce allonka ƙarami ne, auna shi da mita, kada ka yi kirdado. Allon da ke kama intanet ko layin salula yana iya zama shiru-shiru, sai ya zo aika saƙo ya fizgi wuta ninki da yawa.

Tunda na ce a sa bak, wajibi ne in faɗi inda yake cizo, don wanda ya sa shi ba ilimi zai iya ƙona allo cikin ƙiftawar ido.

Irin wanda ake saitawa yana zuwa da ɗan shuɗin akwati mai ƙaramin sukuru a kai. Sabo daga leda, sau da yawa abin da ya shiga shi ke fita, wato kusan bolt 12. Kada ka kuskura ka jona allo kafin ka saita. Ka sa batir a IN+ da IN-, ka sa mita a OUT+ da OUT-, sannan ka riƙa juya sukurun, galibi hagu. Yana iya ɗaukar juyi goma ko fiye mita ba ta motsa ba, a nan ne mutane ke cewa ya lalace su jefar. Ci gaba da juyawa, za ka ga lamba ta fara sauka. Tsaya a kan 5.0 ko 5.1. Jona allon, sake aunawa yana aiki, sannan ka ɗiga ɗan jan farce a kan sukurun don kada girgiza ko hannun yaro ya motsa shi.

Kada a juya masa waya. Yawancin waɗannan ƙananan alluna ba su da kariya, in ja ta tafi wurin baƙa ya tafi ke nan, wani lokaci har kwandansa ta fashe. A sa fiyus na amper ɗaya a kan jar waya, dab da kan batir. Batir ko ƙarami ne, in wayoyinsa suka haɗu yana iya mai da su garwashi, kuma ɗakunanmu da katifa da zana ba sa son wasa da wuta.

Kada a yarda da amper 3 da aka rubuta a talla. Ɗan allon nan tsirara, a zafin garinmu, in ya wuce ɗaya da rabi zuwa biyu zai fara ƙuna. Kasuwa kuma cike take da masu lambar LM2596 waɗanda cikinsu wani abu ne daban mai tafiyar hawainiya, wajen sau dubu 50 a daƙiƙa. Suna aiki a ƙaramin kaya, amma sun fi ƙara, sun fi zafi. In makunnin cikin bak ya narke ya haɗe, bolt 12 ɗin gaba ɗaya za su wuce kan allo. Don haka a bar masa sarari, kada a kai shi maƙura, in allon mai tsada ne a nemi bak mai kyau.

Sai abu na ƙarshe da mutane ke mantawa. Bak ba ya tausayin batir. Ko batir ya sauko bolt 10, ko 9, shi zai ci gaba da ba da 5 ɗinsa, yana ma ƙara ja don ya cike gibi, na'ura tana aiki lafiya alhali batir yana mutuwa. Saboda haka in akwai kwantirolar sola, a jona bak a bakin da aka yi wa hoton ƙwan fitila, wanda ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa, ba kai tsaye a kan batir ba.

Ɗaliban da ke wasa da Arduino Uno, ku ma abin ya shafe ku. Ramin nan mai zagaye da ake cusa wa caja yana kaiwa ne ga wani ɗan ƙaramin ɗan uwan mai ƙafa uku da ke kan allon, kuma bolt 7 zuwa 12 aka ba da shawara a ba shi. Batirin da ke kan caji ya wuce nan. Ku sa bak, ku shigar da bolt 5 ta bakin USB, ɗan abin nan ya huta.

Kai kuma mai na'ura da ba ka san bolt ba ka san amper ba, ga abin da za ka yi, ba sai ka yi gardama da kowa ba. In an haɗa maka, ka ce a bar ta a kunne minti goma sha biyar kafin ka biya, kada ka yarda da gwajin daƙiƙa biyar. Ka tambaya, malam, ina bobin? Sannan ka ce a sa mita a auna amper a wayar batir, a sake aunawa a wayar allo. In lambobin biyu kusan ɗaya ne, birki aka sa maka. In ta wajen batir ta kusa rabin ta wajen allo, giya ce. Gani ya kori ji.

Iyayenmu a wannan sana'a, waɗanda suka koya mana riƙe ƙarfen dalma, ba raina ku nake yi ba. Lokacin da kuka koyi aiki bak abu ne mai wuyar haɗawa, sai an nemo bobin an yi lissafi, mai ƙafa uku kuwa ga shi a hannu. Yau an haɗa shi an gama, bai fi akwatin ashana ba, waya huɗu kawai yake so. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda bai yarda da lissafina ba, ya ɗauko batir ɗaya, allo ɗaya, ya gwada su biyun da mita, ya rubuto mana lambobin da ya gani a ƙasan wannan rubutu, kowa ya karanta. Wanda kuma ke da yaro a wurin koyon gyara, don Allah ya tura masa. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu na halal.